Tsimin da Ba Shi da Takarda: Abin da Za Ka Tambaya Kafin Ka Kai Baki

A kowace babbar tasha, da bakin kasuwa, da ƙofar masallaci ranar Juma'a, za ka tarar da shi: ruwa ja ko baƙi-baƙi a cikin tsohuwar robar ruwan sha, an jera a kan tebur ko bayan mota, lasifika na ta lissafo cututtukan da yake kashewa. Basir, shawara, sanyi, taifot, dattin ciki, ciwon baya, raunin mazakuta. Robar ba ta da suna, ba ta da ranar da aka haɗa, ba ta da adireshin wanda ya haɗa. Abin da ke hannun mai saye kawai shi ne bakin mai sayarwa, don haka dole ya iya tambaya, kuma ya iya auna amsar da aka ba shi.

Wannan jagora ba ta zo yaƙi da sassaƙe da saiwa ba. Kakanninmu sun sha sabara da marke da maɗaci, kuma a ƙauye har gobe mai magani yakan tafi daji da kansa, ya saro abin da ya sani, ya ba wanda ya sani, a garin da in abu ya ɓaci kowa ya san ƙofar gidansa. Robar tasha ta yanke duk wannan. Sau da yawa wanda ke miƙo maka ita sari ya yi a jarka, wanda ya sayar masa ma bai ga lokacin da aka ɗora tukunyar ba.

Dalilin da ya sa hanta ke fara karɓar duka

Kusan duk abin da ka haɗiya, hanji ya tsotse, jini ba ya wucewa da shi zuwa sauran jiki sai ya bi ta hanta. A can ake sarrafa shi, a canza masa siffa yadda za a iya fitar da shi ta fitsari ko ta maɗaciya. A wajen wannan aiki ne wasu abubuwan da suka shigo lami lafiya suke rikiɗa su zama guba, su ƙone ƙwayoyin hantar da ke sarrafa su. Ga shi kuma hanta ba ta da saurin kuka. Naman cikinta ba ya jin zafi, kuma tana iya ci gaba da aiki ko da wani babban sashe nata ya lalace. Shi ya sa mutum zai yi makonni yana shan abin da ke cin sa, yana cewa shi dai bai ji komai ba.

Akwai kuma wani abu da ya sa lamarin ya fi tsanani a wajenmu. Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna cewa kusan kashi 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar cutar hanta nau'in B, wato kamar mutum ɗaya cikin goma sha biyu, kuma yawancinsu ba su sani ba. Kofin da maƙwabcinka ya sha ya kwana lafiya yana iya kwantar da kai, domin hantar da za ta karɓe shi ba iri ɗaya ba ce. Wannan kaɗai ya isa ya rushe hujjar da aka fi ji a bakin teburin mai magani, wai wane ya sha ba abin da ya same shi.

Abin da kan iya kasancewa a ciki

Haɗari na farko shi ne itacen kansa. Wasu tsirrai suna da gubar da tafasawa ba ta kashewa. A shekarun 1950 likitoci a Jamaika sun yi ta ganin yara da kumburarren ciki da hanta mai girma, daga baya aka gano cewa shayin ganyen daji da ake ba su ne ke toshe ƙananan jijiyoyin jini na cikin hanta. 'Yan uwan waɗannan tsirrai suna nan a gonakinmu da fadamunmu: biya-rana da kalkashin korama suna cikin dangin da ke ɗauke da irin wannan guba. Rai-ɗore ma, wanda kowa ya sani a bayan gida, 'ya'yansa sun kashe yara a arewacin Indiya ta hanyar lalata hanta da ƙwaƙwalwa. In ganye ya bushe aka daka, ko sassaƙe ya jiƙu ya saki launi, ko gwani ba ya iya rantsuwa a kan ko mene ne, balle yaron da aka aika kasuwa ya sayo buhu.

Na biyu shi ne ajiya. Saiwar da ba ta bushe sosai ba, aka cusa a buhu da damina, tana yin fumfuna, kuma wata fumfunar tana fitar da gubar afalatoksin, irin wadda ake samu a ruɓaɓɓiyar gyaɗa da masara. Idan ta haɗu da cutar hanta nau'in B a jiki ɗaya, haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sosai.

Na uku shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, domin da gangan ake yin sa: narka ƙwayoyin kemis a cikin tsimi don mai sha ya ji aiki nan take. Sassaƙe ba ya cire ciwon gwiwa cikin awa ɗaya, amma diklofenak da deksametason suna yi. Ganye ba ya sa mace ta yi ƙiba cikin mako biyu, amma deksametason da sifroheftadin suna buɗe ciki su kumbura fuska. Hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama maganin ƙarfin maza da ake kira na gargajiya alhali sildenafil ne a ciki, wanda ke iya faɗar da jinin mai shan wasu magungunan zuciya har ya sume.

Mu yi lissafi da farasitamol, tunda shi ne mafi arha kuma shi ne sananne wajen ƙona hanta in ya yi yawa. Iyakar abin da babban mutum mai lafiya zai sha a yini shi ne giram 4, wato ƙwaya takwas masu miligiram 500. A ɗauka wani ya narka ƙwaya ashirin a robar da ke cin santilita 75. Giram 10 ke nan a roba. Kofin shayi mai cin mililita 150 kashi ɗaya ne cikin biyar na robar, saboda haka kowane kofi yana ɗauke da giram 2. Wanda aka ce wa ya sha safe, rana da dare ya sha giram 6 a yini, ya wuce iyaka da rabi. In kansa ya yi ciwo ya ƙara ƙwaya biyu daga aljihu, yana ganin bai sha komai ba tun safe in ban da maganin gargajiya, to ya kai giram 7. Ɗacin maɗaci ya rufe ɗanɗanon, launin sassaƙe ya rufe farin garin.

Yadda ake tambaya

Kada ka je da faɗa, kuma kada ka yi tambayar a gaban taron da yake wa talla, domin a nan dole ya kare kasuwarsa. Bari mutane su ragu, ka gaisa, ka tambayi kasuwa. Mai magani ba ya son a ce ya tona sirrin haɗinsa, kuma kai ma ba awon haɗin kake nema ba. Abu uku kake son sani: me ke ciki, yaya ƙarfinsa yake, wa za a nema in abu ya faru.

Fara da wanda ya haɗa. «Baba, da hannunka ka dafa shi, ko kawo maka ake yi?» In ya ce daga wani gari ake aiko masa a jarka, to duk amsar da zai bayar bayan wannan ji ya yi, bai gani ba. A gaskiya a nan ya kamata ciniki ya ƙare.

In ya ce shi ya haɗa, sai ka nemi sunayen itatuwan. Za ka ji, «Haba ɗana, ai wannan gadon gidanmu ne, ba a faɗa.» Amsar da ta dace ita ce, «Allah ya ƙara wa gado albarka, Baba. Ba yadda ake haɗawa nake tambaya ba. Ina shan maganin asibiti ne, likita zai tambaye ni abin da na sha, sunayen kawai nake so.» Masani na gaskiya yakan lissafo uku ko huɗu, ya gaya maka ko ɓawo ne ko saiwa ko ganye, wani ma ya ciro ɗanyen kayan daga buhu ya nuna maka. Wanda ya ce itace arba'in ne ko saba'in da bakwai, amma ya kasa kiran biyar, talla yake yi. Ko da gaskiya ne ma, yawan haɗin ba abin alfahari ba ne: kowane itace da aka ƙara wata ƙofa ce ta kuskure, kuma in hanta ta ƙi, ba mai iya gane wanne ne ya yi ɓarnar.

Sai ka yi tambayar da ba a son ji, cikin ladabi amma kai tsaye: «Akwai ƙwayar Bature a ciki? Ko kanwa? Ko wani abu mai sa maye?» Ba lallai ya faɗi gaskiya ba. Amma ka lura da yadda yake yabon maganin. In yana cewa kafin ka isa gida ciwon ya tafi, ko a daren nan uwargida za ta ba da labari, ya riga ya ba ka amsa. Ka ɗaga robar ka duba gindinta a rana. Dusar itace launin itace gare ta, tana da zare-zare. Farin gari mai laushi kamar alli da ya kwanta a ƙasa abin zargi ne. Rashin ganinsa kuwa ba ya wanke robar, domin deksametason kaɗan ake buƙata, ba ya barin alama.

Daga nan sai awo da kwanaki. «Nawa zan sha, sau nawa, har kwana nawa?» Kofi ba awo ba ne sai an ce wane kofi. Amsar da ta fi kowace muni ita ce, «Sha kamar ruwa, ba ya illa, ai itace ne.» Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa. Tambayi ranar da aka dafa shi kuma. Jiƙo ko dafaffen ruwan da ba a sa masa komai ba, a zafin Kano ko Maraɗi, kwana biyu ko uku ya fara tsami. In robar ta kumbura, ko iska ta fito da ƙara da aka buɗe, ko akwai yauƙi a wuyanta, ya lalace. In kuma aka ce wata uku ke nan bai canza ba, to tambaya ta gaba ita ce me aka zuba masa ya hana shi lalacewa.

Tambayar da na fi dogara da ita wajen gane mutum ita ce ta ƙarshe: «Wa bai kamata ya sha ba?» Wanda ya san sana'arsa zai ce ban da mai ciki, ban da mai shayarwa, ban da ƙaramin yaro, wataƙila ya juyo ya tambaye ka ko kana da olsa ko hawan jini ko kana shan wani magani. Wanda ya ce daga jariri har tsoho kowa na sha, bai taɓa bin sawun waɗanda suka sha ba. Ka nemi kuma inda za ka same shi mako mai zuwa. Mai rumfa a unguwa da mai motar da gobe tana wata jiha ba matsayinsu ɗaya ba.

Batun lambar hukuma

Wani zai ce maka, «Ai muna da rajista,» ya nuna takardar ƙungiya a cikin leda. Takardar ƙungiya shaida ce cewa shi ɗan ƙungiya ne, ba ta ce komai a kan ruwan da ke cikin robar ba. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke ba maganin gargajiya lamba, kuma lambar tana kan kwalbar ne tare da sunan maganin, da abubuwan da ke ciki, da adireshin mai haɗawa, da lambar rukunin da aka haɗa tare, da ranar lalacewa. Lambar irin waɗannan magunguna takan ƙare da harafin L, kuma ma'anarta an duba cewa ba a ga guba a samfurin da aka kai ba. Ba ta nufin an tabbatar yana warkar da abin da ake faɗa, shi ya sa ake tilasta rubuta a jikin kwalbar cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Lambar tana da wa'adi, kuma ana buga ta jabu, don haka mai waya yana iya duba ta a rumbun hukumar da ake kira Greenbook.

Takarda ba ta mayar da magani lafiyayye. A 2023 NAFDAC ta rufe wurin haɗa maganin nan da aka fi sani da Baban Aisha a jihar Kaduna, bayan wani binciken 'yan jarida da ya kai shi ɗakin gwaji. Amma a lura: an iya bin sawunsa ne saboda yana da suna da wurin da ake haɗa shi. Robar da ba ta da ko ɗaya, in ta kwantar da mutum goma a unguwanni goma, ba wanda zai taɓa haɗa labarinsu wuri ɗaya.

Yadda abin ke tafiya in ya ɓaci

A ɗauki misalin direba ɗan shekara talatin da takwas da ya sayi tsimin basir a tasha, yana shan kofi safe da yamma. Kwanakin farko ya yi ta zawo, mai magani ya ce dattin ne ke fita, shi ma ya ji cikinsa ya yi sakayau. A mako na uku abinci ya fita ransa, warin miya na tayar masa da zuciya, ga kasala. Ya ce zazzaɓi ne, ya tsaya a kemis ya sayi maganin maleriya da farasitamol, bai daina tsimin ba. A mako na biyar fitsarinsa ya koma kalar shayin da ba madara, ko ya sha ruwa da yawa bai washe ba. Bayan gida ya yi fari-fari, jiki na ƙaiƙayi da dare, ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya yi nauyi. A mako na shida matarsa ta dube shi a hasken rana ta ce, «Malam, idonka fa ya yi rawaya.»

A nan ne tarkon yake. Duk wanda ya zo dubiya zai ce shawara ce, kuma a ce shawara ba ta son allura, a kawo wani jiƙon. Sai a ɗora sabon haɗi a kan hantar da tsohon ya riga ya raunata. Shawara alama ce kawai cewa hanta ta kasa fitar da launin maɗaciya, ko hanyar fitarsa ta toshe, ko jini na fashewa da yawa. Ido ba ya iya bambance waɗannan, gwajin jini ne ke yi.

Abin da ya kamata ya yi tun ranar da fitsari ya canza shi ne ya ajiye tsimin da duk wata ƙwayar da ba likita ya rubuta ba, ya ɗauki robar da ragowar abin da ke ciki, ya tafi asibiti a ranar. A takardar gwaji zai ga an rubuta ALT, AST, ALP da bilirubin, wato launin maɗaciya, tare da HBsAg na cutar hanta nau'in B, da gwajin nau'in C, da INR wanda ke nuna ko jini na daskarewa yadda ya kamata. A yawancin ɗakunan gwaji ALT na mai lafiya ba ya wuce 40. A ce na direban ya fito 900, launin maɗaciya ya ninka iyaka sau uku. Likitoci suna ɗaukar wannan haɗin da muhimmanci ƙwarai: in magani ya ƙona hanta har ido ya yi rawaya, kusan mutum ɗaya cikin goma yana rasa ransa ko ya buƙaci dashen hanta.

Babu wani gwaji guda da zai ce tsimin ne. Likita yana haɗa hujjoji ne: yaushe aka fara sha, yaushe alamu suka fito, an kore sauran dalilai, sannan me ya faru da aka daina. Irin wannan illa ta fi fitowa tsakanin kwana 5 zuwa 90 da fara sha, kuma in ALT ya sauko da rabi cikin wata guda da dainawa, zargi ya ƙara ƙarfi a kan robar. Shi ya sa ɓoye wa likita ya zama ganganci. Mutane da yawa in an tambaye su ko suna shan magani sai su ce a'a, don a ganinsu jiƙo ba ya cikin lissafi, ko don tsoron faɗan ma'aikaciyar jinya. A sha faɗan, a faɗi ranar da aka fara da yawan abin da ake sha. In farasitamol ne ya yi yawa akwai maganin da ke karya shi a asibiti, kuma ya fi aiki in an ba da shi da wuri.

Idan mara lafiya ya fara ruɗewa, yana barci da rana yana farke da dare, yana magana ba kan gado, ko dasashinsa na jini, ko ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, ko ciki ya kumbura, to ba zancen jiran gobe. Babban asibiti za a nufa, ko da tsakar dare ne. Irin wannan ruɗewa ce ake yawan ɗauka aljanu ne ko sammu, alhali gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta hau kai.

In Allah ya ba da sauƙi, kada a sake gwada wannan tsimin ko da kurɓa ɗaya don a tabbatar. Karo na biyu yakan zo da sauri kuma ya fi na farko muni.

Wata togaciya game da dainawa

Shawarar a daina nan take tana da wuri guda da take buƙatar hattara. Wanda ya yi sama da mako uku yana shan haɗin ƙiba ko na ciwon gaɓoɓi, kuma fuskarsa ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu sun sirance, fata ta yi nankarwa, ko sukarinsa ya hau, akwai yiwuwar deksametason yake sha bai sani ba. Jikin da ya saba da shi yakan daina yin nasa sinadarin, kuma yanke shi rana ɗaya yana iya jawo amai, jiri da faɗuwar jini mai haɗari. Ga mai cutar hanta nau'in B kuma, irin wannan ƙwaya tana iya tayar da cutar da ke kwance. Wannan mutum ya ɗauki robar ya kai wa likita a ranar, a tsara masa yadda zai rage a hankali.

Akwai kuma waɗanda ko amsoshin mai magani sun yi daɗi bai kamata su kusanci robar da ba takarda ba: wanda ya san yana da cutar hanta nau'in B ko C, mai shan maganin tarin fuka, wanda shi kansa yana wahalar da hanta, mai shan maganin ƙanjamau ko na farfaɗiya, mai ciwon ƙoda, mai shan giya, mai ciki, da jaririn da ake ɗura wa dauri. Wanda bai san matsayinsa ba, gwajin HBsAg ɗigon jini ne a yatsa, ana samun sakamako cikin mintuna, kuma a wurare da yawa kuɗinsa bai kai na 'yan robobin tsimi ba.

Robar da ake zargi kada a zubar da ita. A ɗaure bakinta, a rubuta a takarda inda aka saya da ranar da aka saya da sunan da mai sayarwa ke kiran maganin, a manna a jiki. Likita ko mai harhaɗa magunguna na asibiti yana da takardar kai rahoton illar magani ga NAFDAC, kuma hukumar tana da ofis a kowace jiha inda za a iya miƙa samfurin. Sauran mutanen gidan da suka sha daga wannan jarkar su ma a kai su gwajin ALT, ko da ba wanda idonsa ya canza.